Na rubuta "danna nan" sau tara, Google kuwa yana kai masu saye wani shafin daban

Sani Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da matsala, mai sani ya taimaka don Allah. Shagona na kayan sola ne a nan Garwa ta Kamaru, faifai da batir da famfon ban ruwa. Bara na buɗe gidan yanar gizo da WordPress, yanzu shafukansa 58. Akwai shafin da na sa famfunan da nake sayarwa, da hotuna da farashi da lambar waya. Akwai kuma wani dogon bayani da na rubuta kan yadda manomi zai zaɓi famfo gwargwadon zurfin rijiyarsa. To idan mutum ya nemi `famfon sola Garwa` a Google, bayanin ne ke fitowa, shafin sayarwar kuwa ko ƙyallinsa ba a gani. Mutum ya karanta ya ƙaru ya yi tafiyarsa, ni ban sayar da ko kusa ba. Ga noman rani ya ƙarato, masu albasa yanzu suke neman famfo. Me na yi ba daidai ba?

Musa Kusiri: Wa alaikumus salam. Malam Sani, linki daga waje kake bukata. Ka samu gidajen yanar gizo biyar ko goma su nuno shafin sayarwar, magana ta ƙare.

Hadiza Ngaundare: Wa alaikumus salam. Malam Musa, bari mu leƙa cikin gida tukuna kafin a fita roƙo waje. Malam Sani, a cikin shafukanka, wuraren da ka sa linki zuwa shafin sayarwar, me ka rubuta a kai? Ina nufin kalmomin nan masu launi da mutum yake taɓawa da yatsa.

Sani Garwa: Yaya Hadiza, gaskiya ban taɓa lura ba. Ina jin yawanci "danna nan" nake sawa. Wannan ma yana da wani tasiri ne?

Hadiza Ngaundare: Yana da shi ƙwarai. Ka tsaya bakin titi a Yelwa ka tare ɗan moto ka ce masa "kai ni can". Ina zai kai ka? Haka "danna nan" yake. Google yana karanta abin da ke cikin shafi, amma yana kuma sauraron sunan da sauran shafuka suke kiran wannan shafin da shi, kuma rubutun da ke kan linki shi ne sunan. Tun 1998 waɗanda suka ƙirƙiri Google suka rubuta cewa rubutun kan linki sau da yawa ya fi shafin kansa iya faɗin abin da shafin ya ƙunsa. Abubuwa da yawa sun sauya tun daga lokacin, amma har yau a cikin jagorar da suke ba masu gidajen yanar gizo suna cewa a sa rubutu mai bayyana inda linkin ya nufa, gajere, kuma `click here` da `read more` su ne misalan da suka kawo na wanda bai yi ba.

Amma kada mu yi ta hasashe. Kana da kwamfuta? Sauke Screaming Frog SEO Spider, manhajar da ke bin shafukan gida tana jero linkinsu, na kyauta yana bin adireshi har 500. Hotuna ma suna cikin lissafin, amma shafi 58 ina sa ran zai ishe ka. Rubuta adireshin gidanka ka danna `Start`. In ya gama, taɓa layin shafin sayarwar, ka duba ƙasa akwai `Inlinks`. Zai jero maka kowane shafi da ya nuno wannan shafin da rubutun da aka sa a kai, a ƙarƙashin `Anchor Text`. Ka yi wa dogon bayanin ma haka. Sai ka kawo mana lissafin duka biyun.

Musa Kusiri: Ai ba sai ya wahala ba, Search Console, inda Google ke nuna wa mai gida yadda gidansa ke fitowa a nema, shi ma yana nunawa. Akwai `Top linking text` a cikin `Links`.

Hadiza Ngaundare: Wannan na linkin waje ne kawai, Malam Musa. Ɓangaren `Internal links` yana gaya maka shafin da aka fi nunawa da shafukan da suka nuno shi, amma ba ya faɗin kalmomin da aka rubuta a kai. Shi ya sa na tura shi wancan.

Alhaji Ɗanladi Njamena: Salamu alaikum. Ni ma wannan abin ya dame ni. Idan na tura wa abokan ciniki linkin kayana a WhatsApp sai ya fito dogo kamar igiyar guga, cike da alamomi da lambobi, har wasu suna tsoron taɓawa wai na 'yan damfara ne. Yaya ake gajarta shi?

Ibro Marwa: Alhaji ranka ya daɗe, wannan adireshin shafi ne, wata magana ce daban. Su suna magana ne kan rubutun da ake lulluɓe adireshin da shi a cikin gidan yanar gizo. A WhatsApp ba a iya lulluɓewa, tsirara yake tafiya.

Alhaji Ɗanladi Njamena: To madalla. Ku ci gaba, ina saurare. Amma in an gama a dawo kan tawa.

Sani Garwa: Ku yi haƙuri da jinkiri, an ɗauke wuta tun azahar, sai bayan isha'i na samu na yi. Mai sayar da sola kuma batirin gidansa ya mutu, ku yi dariyarku. Ga abin da na gani, kuma ni kaina na sha mamaki.

Shafin sayarwa, linki 71 ne suka nuno shi. Guda 58 daga jerin da ke saman kowane shafi ne, kuma rubutun "Sabbin kaya" ne, domin lokacin da na buɗe shafin famfunan sababbi ne. Guda 9 "danna nan". Sauran 4 wurin rubutun fayau yake, babu komai.

Dogon bayanin kuwa linki 12 kacal, amma dukkansu "famfon sola" aka rubuta. Wallahi ban tuna na sa su ba.

Ibro Marwa: Kana da filogin ɗin nan da ke sa linki da kansa? Wanda ake ba shi kalma da adireshi, duk inda ya ga kalmar sai ya maƙala?

Sani Garwa: Kai! Akwai. Yaron da ya haɗa mini gidan ne ya sa shi. Yanzu na buɗe na gani, doka ɗaya ce tak a ciki: duk inda aka ga "famfon sola" a kai mutum dogon bayanin. Lokacin ko buɗe shafin sayarwar ban yi ba.

Hadiza Ngaundare: To ka ga abin da idonka. Sau goma sha biyu gidanka ya faɗa wa Google cewa shafin "famfon sola" shi ne bayanin. Shafin sayarwar kuwa sau 71 aka nuna shi, amma ko sau ɗaya ba a kira shi famfo ba. An kira shi "sabbin kaya", an kira shi "nan", sau huɗu an nuna shi da baki ba a ce komai ba. Duba mini abu ɗaya: cikin goma sha biyun nan, akwai wanda ya fito daga shafin sayarwar kansa?

Sani Garwa: Akwai, a layin farko ma.

Hadiza Ngaundare: Wato shafin da kake so ya fito shi da kansa yake nuna maƙwabcinsa yana cewa ga mai famfon can. Ba na ce wannan kaɗai ne dalili ba. Bayanin ya fi tsawo, ya fi amsa tambaya, mai yiwuwa ko ba linkin Google zai so shi. Amma wannan gyara ne da ke hannunka, ba ya cin ko sefa ɗaya, don haka da shi za a fara.

Fara da guda taran. Na tabbata yanzu kamar haka suke:

```html
Domin ganin farashi <a href="/famfon-sola/">danna nan</a>.
```

Ka ga kalmar da ke da amfani, wato farashi, tana waje, wadda ba ta da amfani ita aka ɗora wa linkin. Juya jimlar:

```html
Ga <a href="/famfon-sola/">farashin famfon sola na noman rani</a> da muke da su a shago.
```

Ba sai ka taɓa wannan rubutun na ciki ba ma. A WordPress ka gyara jimlar, ka zaɓi kalmomin, ka danna alamar sarƙa, ka sa adireshin. Kuma kada ka kwafi jimla ɗaya ka liƙa a wuri tara. Karanta kowane sakin layi ka ga me ake magana a kai. A rubutunka na albasa zai iya zama "famfon sola na ban ruwan albasa". A wanda kake kwatanta kuɗin mai da na sola, "farashin famfunan sola". A na rijiya, "famfon sola mai shiga rijiya", in har akwai irinsa a shafin. In babu shi kada ka rubuta, domin wanda ya taɓa ya tarar da wani abu daban ba zai sake yarda da linkinka ba. Kalma biyu zuwa biyar ko shida sun isa. Wannan ba doka ba ce daga Google, abin da na ga yana karantuwa ne a fuskar waya.

Musa Kusiri: A nan kam ina da ja. Ku yi hattara. A 2012 Google ya fito da wani tsarin tace gidaje mai suna Penguin, gidajen da suka riƙa maimaita kalmar neman a kan linki duk sun faɗi warwas. In Malam Sani ya sa "famfon sola" a wuri saba'in, gobe zai zo yana kuka an binne shi gaba ɗaya. Ni shawarata a cakuɗa: kashi ɗaya kalmar neman, kashi ɗaya sunan shago, kashi ɗaya irin su "duba nan", don abin ya yi kama da na halitta.

Hadiza Ngaundare: Penguin gaskiya ne, watan Afrilun 2012. Amma waɗanda ya kama, masu sayen linki ne daga gidajen waje da masu shuka shi a ko'ina da kalma iri ɗaya, don su nuna kamar duniya ce ke yabon su. Wancan lissafin kashi-kashi da kake faɗa daga can aka samo shi. Cikin gidanka kuwa kowa ya san kai ne mai rubutawa, babu wanda kake ruɗa. Duk kantin da ke yanar gizo yana da jeri a sama mai maimaita kalma ɗaya a dubban shafuka, "Takalma", "Wayoyi", kuma ba a hukunta kowa a kan haka ba. Saka "duba nan" da gangan don a ga kamar ba ka shirya ba, asarar linki ce kawai.

Inda maganarka take da ƙamshin gaskiya shi ne cushe. In ya rubuta "famfon sola Garwa Marwa Ngaundare farashi mai sauƙi sayi famfon sola" a kan linki ɗaya, ko ya jera irin wannan guda talatin a gindin shafi, to wannan cusa kalmomi ne, kuma yana cikin abin da dokokin Google suka hana a fili. Yadda nake ganewa: in karanta jimlar da ƙarfi. In ba zan iya faɗa wa mai saye ita a bakin shago ba tare da ya dube ni ba, ta yi yawa.

Musa Kusiri: Na ji. Amma ni dai na taɓa ganin gidan wani abokina ya sauka bayan ya yi irin wannan gyaran.

Ibro Marwa: Shi kaɗai ya gyara a lokacin?

Musa Kusiri: Ya sauya adireshin shafukan ma a makon.

Ibro Marwa: To ai ka ji.

Musa Kusiri: Ban ce shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne.

Hajiya Balki Marwa: Sannunku da ƙoƙari. Ni turaren wuta da humra nake sayarwa, 'yata ce ta buɗe mini shafi. Nawa duk hotuna ne, mutum ya taɓa hoton kwalba ya shiga. Babu "danna nan" ko ɗaya. Ke nan ni na tsira?

Hadiza Ngaundare: Hajiya, ina jin ciwonku ɗaya da guda huɗun nan na Malam Sani da suka fito fayau. Idan hoto ne linkin, Google yana ɗaukar bayanin hoton, wanda ake kira `alt`, a matsayin rubutun linkin. In ba a cike shi ba, linki ne bebe. Ki ce wa 'yarki ta taɓa hoton a inda ake gyara shafi, za ta ga gurbin `Alt text`. Na Malam Sani zai zama haka:

```html
<a href="/famfon-sola/"><img src="famfo1.jpg" alt="Famfon sola mai inci biyu na ban ruwa"></a>
```

Naki kuma ta rubuta abin da ke cikin kwalbar da sunan da masu saye suke kiran sa, kamar "humra fara ƙaramar kwalba". Kada ta rubuta "hoto" ko "kwalba 1". Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu fuskar waya ma wannan rubutun suke ji.

Hajiya Balki Marwa: Hotuna sun fi ɗari fa, 'yar nan.

Hadiza Ngaundare: Ta fara da goma da suka fi fita kasuwa, Hajiya. Sauran a hankali.

Hajiya Balki Marwa: Allah ya yi albarka. Zan gaya mata in ta dawo daga makaranta.

Sani Garwa: Guda tara da guda huɗu na gane. Saura goma sha biyun da filogin ya sa. In juya dokar ne kawai, duk su koma shafin sayarwa?

Hadiza Ngaundare: A'a, kashe dokar gaba ɗaya ka bi su da hannu. Sha biyu ne kawai, aikin rabin awa. Filogi bai san ko mai karatu a wannan layin koyo yake so ko saye ba, kalma kawai yake gani. Inda ka rubuta abu kamar "wanda ya gaji da sayen mai ya koma famfon sola", wannan mai niyyar saye ne, kai shi shafin sayarwa. Inda ka rubuta "zurfin rijiya ne ke nuna irin famfon da ya dace", kai shi bayanin, amma ka ba bayanin sunan kansa: "yadda ake zaɓen famfon sola" ko "lissafin zurfin rijiya da ƙarfin famfo". Abin da nake so ka kiyaye shi ne kada shafi biyu su riƙa amsa suna ɗaya. In a gida akwai Sani biyu ai dole a ce Sani mai sola da Sani tela. Daga yau "famfon sola" tsurarsa da duk mai maganar farashi na shafin sayarwa ne, duk mai "yadda ake" na bayanin ne.

Sannan mafi muhimmanci, tunda bayanin ne mutane ke faɗowa a kai daga Google, sa linki zuwa shafin sayarwa a cikinsa, kusa da sama, da kuma daidai inda ka gama lissafin ƙarfin famfo. Ko Google bai sauya ra'ayi ba, mai karatu ya samu ƙofar shago.

Sani Garwa: Yanzu na duba, linkin da ke cikin bayanin yana can ƙarshe, bayan addu'ar rufewa. Kuma yana cikin "danna nan" ɗin.

Ibro Marwa: Yaya Hadiza, ina da tambaya mai ɗan kauri. Na sha jin cewa in shafi ɗaya ya nuna wuri ɗaya sau biyu, Google rubutun linkin farko kawai yake lissafawa. To jerin sama shi ne farko a kowane shafi. Ke nan duk wahalar da Malam Sani zai yi a cikin sakin layi banza ce, "Sabbin kaya" kawai za a gani?

Hadiza Ngaundare: Wannan maganar ta daɗe tana yawo. Masu sana'ar ne suka yi gwaje-gwaje shekaru da dama da suka wuce suka ce haka suka gani, wasu suka gwada daga baya suka ce sun ga an lissafa na biyun ma. Google bai kafa ta a matsayin doka a jagorarsa ba. Ni ba na gina aiki a kanta, amma ba na raina ta. Abin daɗin shi ne maganinta ɗaya ne ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba: ya sauya "Sabbin kaya" zuwa "Famfon sola" a jerin. Minti biyu, linki 58 sun gyaru a lokaci guda. In na farko ake lissafawa, ya faɗi gaskiya. In duka ake lissafawa, na cikin sakin layi sun ƙara bayani.

Ibro Marwa: Ni a ganina na cikin rubutu ya fi na jeri nauyi, domin akwai kalmomi kewaye da shi.

Hadiza Ngaundare: Kalmomin da ke gaba da bayan linki suna taimakawa, wannan Google ya faɗa, shi ya sa ma suka ce kada a jera linki kusa da linki babu komai a tsakani. Amma nawa ne nauyin wannan a kan wancan, duk wanda ya ba ka lamba ƙirƙira ya yi.

Musa Kusiri: Kun manta babban abu. Mu nan ba Kano ba ne. Manomin Lagdo ko na Pitowa in zai nema a waya, ko ɗansa zai nema masa, `pompe solaire Garoua` zai rubuta. Da Faransanci aka yi makaranta. Wa ke rubuta Hausa a Google a nan? Ni da ni ne, rubutun linkin da Faransanci zan sa, ko da shafin na Hausa ne.

Sani Garwa: Wannan gaskiya ne fa. A shago ma rabin masu zuwa Fillanci suke yi, kuma sunan Faransanci suke kiran kayan da shi.

Hadiza Ngaundare: Malam Musa ya taɓo wuri mai kyau, amma maganin da ya kawo ban yarda da shi ba. Rubutun linki alƙawari ne na abin da za a tarar. In ka rubuta shi da Faransanci mutum ya shiga ya tarar da Hausa zalla, ya fita. Kuma kalma uku a kan linki ba za su mai da shafin Hausa ya yi gogayya da shafukan Faransanci ba. In masu sayenka da Faransanci suke nema, yi wa famfunan shafi na biyu da Faransanci, shafukan Faransanci su nuna shi da Faransanci, na Hausa su nuna na Hausa. Kafin ka yi wannan wahalar, buɗe `Performance` a Search Console ka duba `Queries`, za ka ga ainihin abin da mutane suka rubuta har gidanka ya bayyana gare su. A nan ne ma za ka ga ko suna sa ƙugiya a haruffa ko "zaben" suke rubutawa kai tsaye.

Musa Kusiri: Ai `Queries` abin da ya riga ya fito a kai kawai zai nuna masa. Tunda ba shi da shafin Faransanci, ba zai ga masu nema da Faransanci ba, sai ya zaci babu su.

Hadiza Ngaundare: Wannan kam ka yi gaskiya, na karɓa. To ya tambayi masu shigowa shago na mako guda, me za su rubuta.

Musa Kusiri: Kuma ni har yanzu ina ganin babu laifi a sa sunan Faransanci a cikin jimlar Hausa, tunda haka muke magana a kasuwa. Wa ke cewa injin ban ruwa? Motopom kowa ke cewa.

Ibro Marwa: In shafin da kansa yana amfani da kalmar, ni ma ban ga laifi ba.

Hadiza Ngaundare: In kalmar tana cikin shafin, mun daidaita. In a kan linkin kaɗai take, ba mu daidaita ba.

Sani Garwa: Akwai wani abu kuma. Na taɓa gwada gidan a PageSpeed Insights, ma'aunin shafuka na Google, ɓangaren SEO, wato na fitowa a nema, ya ba ni kore, bai ce linkina suna da matsala ba. Shi ya sa ban taɓa zargin su ba.

Ibro Marwa: Wannan gwajin jerin kalmomi yake da shi, irin su `click here` da `more`, in ya gan su ya yi ƙorafi. Bai san "danna nan" ba, sai ya wuce ta kamar kalmar kirki.

Hadiza Ngaundare: Gwajin da ya fi shi yana gidanka. Kwafe rubutun linkin kaɗai a takarda, ba jimlolin ba, ka miƙa wa wanda bai san gidan ba, ko yaron shago, ka ce ya faɗi inda kowanne zai kai shi. Wanda ya kasa, shi ne mai bukatar gyara. In ka gama duka, sa adireshin shafukan da ka taɓa a `URL Inspection` na Search Console ka danna `Request indexing`, aƙalla manyan. Google sai ya sake ziyartar shafin da linkin yake ciki kafin ya san ka sauya, kuma ƙaramin gida irin naka ba kullum yake leƙowa ba. Ka rubuta ranar da ka yi gyaran. Kuma don Allah kada ka taɓa komai ban da linki, don mu san abin da ya yi aiki.

Sani Garwa: Jama'a na dawo, yau kwana ashirin da uku da gyaran. Na sauya jerin sama, na gyara tara, na cike huɗu, na kashe filogin. Cikin sha biyun, bakwai na mayar shafin sayarwa, biyar na bar wa bayanin da sabon suna. Na ba ƙanena takardar, ya canki duka sai ɗaya, "kayan haɗi", wai ya zaci na miya ne. Na mai da shi "wayoyi da bututun haɗa famfo".

Sakamako: a `Performance`, in na zaɓi `famfon sola Garwa` na duba `Pages`, da bayanin kaɗai ke nan, yanzu duka biyun suna fitowa. A wayata wani lokaci shafin sayarwa ne a sama, wani lokaci bayanin. In an haɗa da kalmar farashi kuwa shafin sayarwa ne. Mutum uku sun kira a makon nan sun ce daga bayanin suka taɓa suka ga farashi, ɗaya daga wajen Lagdo, ya zo ya ɗauki mai inci biyu.

Sai dai Yaya Hadiza ki yafe ni. Ina cikin gyaran na ga taken shafin sayarwar ma "Sabbin kaya" ne, hannuna ya ƙi haƙura, na sauya shi.

Hadiza Ngaundare: Malam Sani! To yanzu wa zai ce linki ne ko take? Gyaran dai daidai ne, da ka faɗa mini tun farko ma da shi zan ce ka fara. Amma gwajinmu ya ruguje.

Musa Kusiri: Taken ne ya yi aikin. Kuma lokacin noman rani ne, ko bai taɓa komai ba waya za ta yi ƙara.

Ibro Marwa: Mutum ukun da suka bi linkin cikin bayanin fa? Wannan ai ba take ba ne.

Musa Kusiri: Wannan na ba ku. Sauran a bar shi wata biyu mu gani. Shafin Faransancin fa, Malam Sani?

Sani Garwa: Na tambayi mutum goma sha ɗaya a shago. Shida sun ce da Faransanci za su rubuta, biyu da Hausa, uku sun ce su ba sa nema, ɗan'uwa suke kira. Zan yi shi, amma sai na samu mai duba mini rubutun, Faransancina na kasuwa ne.

Alhaji Ɗanladi Njamena: To tunda kun gama, a dawo kan dogon linkina na WhatsApp.

Ibro Marwa: Alhaji, turo mini ɗaya daga ciki in ga abin da ya tsawaita shi.